Kwat ɗin da ba ya faɗin ko na wane ne: yadda ake karanta shi, a kuma bayyana shi

*"Malama, barka da aiki. Ina koyon zanen tufafi, an ba mu aikin mu bayyana kayan salon nan da ake kira androjini, wanda ba a gane na maza ne ko na mata. Duk abin da na rubuta bai wuce 'burgujeje ne, kamar na maza' ba, malaminmu kuma ya ce wannan ba bayani ba ne. Me zan duba a jikin kayan, kuma da waɗanne kalmomi zan faɗe shi?"*

Ƙanwata, malaminku yana da gaskiya, amma ba ke kaɗai ke faɗawa wannan ramin ba. Kusan duk ɗalibar da na taɓa koyarwa daga nan ta fara, domin ido ya fi saurin ganin faɗin riga a kan sauran abubuwan da ke jikinta. Faɗi kuwa ba shi ne salon ba. Buhu ma yana da faɗi, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa yana tunanin na miji ne ko na mace.

Kalmar androjini daga Girkanci ta fito, an haɗa sunan namiji da na mace wuri guda, kuma ma'anar tana nan a cikin haɗin. Tufa ta wannan salon ita ce wadda ke ɗauke da alamun ɓangarorin biyu a lokaci guda, har mai kallo ya kasa yanke hukunci. Ta bambanta da kayan da ake yanka iri ɗaya don kowa ya sa, irin rigar sanyi mai hula, domin su goge alamun suke yi gaba ɗaya. A androjini alamun suna nan daram, an dai sa su suna ja-in-ja da juna. Don haka aikinki a matsayin mai bayani shi ne ki gano wace alama ce ke cewa "namiji", wace ce ke cewa "mace", kuma a wane gurbi na tufar kowace take zaune. Wurare uku ake nema: yanka, yadi, da ƙananan abubuwan gamawa. Zan ɗauki kwat mu bi shi, saboda babu tufar da ta kai shi tara waɗannan alamu, kuma idan kin iya karanta kwat, shat da wando ba za su ba ki wuya ba.

Mu fara da yanka, a nan ne naman yake.

Telan kayan maza da na kayan mata ba daga wuri ɗaya suke fara tunani ba. Kwat ɗin maza daga kafaɗa yake rataye. Ana gina kafaɗar da soso, a sa wani yadi mai tauri a cikin ƙirji tsakanin yadin waje da shafi, wanda a ɗinki mai kyau har da gashin doki a saƙarsa, sai sauran rigar ta sauko daga wannan ginin. Siffar da ake nema ita ce sama da faɗi, ƙasa a ɗan tsuke. A awon kwat ɗin maza da aka saba, ƙugu yakan gaza ƙirji da inci 6, wato mai ƙirji 40 a ba shi wando mai ƙugu 34. Kayan mata kuwa ƙugu suke bi. Tazarar da ke tsakanin ƙugu da kwankwaso a awon mata takan kai inci 10, kimanin santimita 25, ga kuma tudun ƙirji. Yadi shimfiɗaɗɗen abu ne, ba zai bi wannan hawa da gangara da kansa ba, sai an cire masa wani yanki. Wannan cirewar ita ce dat, ɗan ɗinkin nan mai tsini da ke tasowa daga gefe ko daga ƙugu ya nufi ƙirji. Wani lokaci kuma maimakon dat sai a yi dogon ɗinki mai lanƙwasa daga kafaɗa ko hammata, ya bi ta kan ƙirji ya sauka ƙasa, wanda teloli ke kira firinses.

To idan aka miƙo miki kwat, kafin ki ce komai ki shimfiɗa shi a tebur ki nemi wannan ɗinkin. Idan akwai dat ɗin ƙirji a fili, an yanka shi ne don jikin mace ko da kuwa komai nasa na maza ne. Idan babu, gaban ya kwanta sumul a kan tebur, to daga takardar yankan maza aka taso. Amma ki yi hattara, kwat ɗin maza ma yana da dat a gaba, siriri, a tsaye, daga ƙasan ƙirji zuwa bakin aljihu. Aikinsa ɗan tsuke ƙugu ne, ba ya buɗe wa ƙirji wuri. Ɗalibai da yawa sukan ga wannan su rubuta "yankan mata", su faɗi.

Bari in ba ki misali da awo, irin wanda nake sa ɗalibai su lissafa kafin su taɓa almakashi. A ce muna da mutum biyu. Mace mai ƙirji santimita 92, ƙugu 72, kwankwaso 100, faɗin kafaɗa 39. Namiji mai ƙirji 96, ƙugu 84, kwankwaso 98, kafaɗa 45. Muna son kwat ɗaya da zai zauna wa kowannensu ba tare da ya zama kamar aro ba. Sai mu yanka shi da ƙirji 112, ƙugu 108, ƙasa 112, kafaɗa 46, tsawon baya 74.

Duba abin da ya faru. Tsakanin ƙirji da ƙugun kwat ɗin santimita 4 kacal muka bari, kusan miƙe yake kamar ginshiƙi. A jikin namijin, kafaɗar ta wuce tasa da rabin santimita kowane gefe, wato ta zauna daidai, amma ƙugun bai kama shi ba kamar yadda kwat ɗin ofis zai yi, sai layin ya yi taushi. A jikin macen, kafaɗar ta zarce tata da santimita 3 da rabi kowane gefe, sararin da ke tsakanin ƙugunta da yadi ya kai 36, ƙugun ya ɓace ke nan, kuma ido daga kafaɗa zai sauka kai tsaye zuwa ƙasan rigar. A kwankwaso sararinta 12 ne, na namijin 14, kusan ɗaya. Wannan ne sirrin: kwankwaso shi ne wurin da awon mutanen biyu ya fi kusanci, shi ya sa daga can ake ɗaura lissafin, ba daga ƙirji ba. Tsawon 74 kuma an zaɓe shi ne don ya rufe mafi faɗin kwankwaso. Gajeren kwat da ya tsaya a saman kwankwaso yakan tona siffar da ake son a bari a lulluɓe.

Ga inda ake samun matsala, kuma ya kamata ki iya gane ta a hoto ma. Tun da mun cire dat, gaban rigar a jikin mace zai hau kan ƙirji ya ci tsawo, sai ƙasan gaba ya ɗage sama ya fi na baya, gefunan biyu su buɗe kamar almakashi. Idan kin kalli mutum daga gefe kika ga layin ƙasan kwat ya tashi ta gaba, to wannan ne. Maganinsa a ƙara wa gaba tsawon santimita 1 da rabi zuwa 2, a kuma ɓoye ɗan ƙaramin dat a ƙarƙashin lafel, wato naɗin nan da ke kwantowa daga wuya zuwa maɓalli, inda ido ba ya kaiwa. Alama ta biyu ita ce tsagar baya. Kwat mai tsaga ɗaya a tsakiya, idan kwankwaso ya cika shi, tsagar takan wage ta tsaya a buɗe. Tsaga biyu a gefe ta fi haƙuri, ko a rufe bayan gaba ɗaya a ƙara faɗi. Ta uku kuwa, idan an ɓalla maɓalli kika ga yadi ya ja ya yi layuka huɗu kamar alamar sau a lissafi, rigar ta matse a wurin, ko an sa maɓallin ya yi sama da yawa. Masu wannan salon sukan sauke maɓallin ƙasa kaɗan daga ƙugu, lafel ya yi tsawo, buɗin ƙirji ya yi zurfi. Wannan dogon layin yana ƙara wa jiki tsawo ya rage masa lanƙwasa.

Kin ga ke nan "burgujeje" ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da za ki rubuta shi ne: kafaɗa ta zarce ta jiki da kaza, ƙugu a sake, ba dat a fili, maɓalli a ƙasa, tsawo ya rufe kwankwaso.

Ba kuma dole sai ta hanyar faɗi ake isa can ba. Lokacin da Hedi Slimane ke jagorantar kayan maza na Dior, daga 2000 zuwa 2007, ya bi ta ɗaya gefen ne. Ya tsuke kafaɗa, ya ɗaga hammata, ya matse hannu da ƙafar wando, har kwat ɗin maza ya rasa faɗin saman nan da aka san shi da shi, mata kuma suka riƙa sayen sa suna sawa. Su Rei Kawakubo da Yohji Yamamoto, da suka fara nuna kayansu a Paris a 1981, sun bi hanyar faɗi da baƙin yadi, inda tufa ke tsayawa nesa da jiki. Giorgio Armani kuma a shekarun 1970 ciki ya shiga, ya rage soso da yadin tauri, kwat ɗin ya daina tsayawa kamar sulke ya koma bin motsin mai shi. Hanya uku, sakamako ɗaya: an taɓa dangantakar kafaɗa da ƙugu. Idan kina bayani, ki faɗi wacce aka bi a cikinsu.

Wando ba zan daɗe a kansa ba, wuri biyu kawai za ki duba. Na farko hantsa, wato nisan da ke tsakanin bakin ƙugu da inda ƙafafu suka rabu. Wandon mata yakan bi lanƙwasar jiki sosai, da dat biyu ko huɗu a baya masu zurfi, wandon maza yakan bar sarari a gaba ya sauka a miƙe. Wandon da ke tsakiya yakan yi doguwar hantsa, da ninki ɗaya ko biyu a gaba kowane gefe. Ninkin nan yana da wayo, domin yana ba kwankwaso wuri ba tare da ya zana shi ba. Na biyu layin gefe: daga mafi faɗin kwankwaso ya sauka a miƙe, ko ya biyo cinya ya shiga ciki? Idan a miƙe yake, ga karin guga a tsakiyar ƙafa, ido zai bi karin ya manta da siffar da ke ƙarƙashi. Idan ninkin ya wage ya ƙi kwanciya ko bakin aljihun gefe ya buɗe kamar kunne, wandon ya yi kaɗan a kwankwaso, ba salo ba ne.

Sai yadi. Nan ne ɗalibai ke tsayawa a launi, alhali launi shi ne mafi raunin alama. Abin da ya fi magana shi ne nauyi da yadda yadin ke zuba. Ana auna nauyin yadi da giram a kowace murabba'in mita. Ulun kwat yakan kama daga wajen 250 zuwa 300, audugar shat wajen 100 zuwa 130, jins ya kai 400, shifon kuma da ƙyar yake wuce 50. Yadi mai nauyi da saƙa matsattsiya yana riƙe siffarsa, yana tsayawa da kansa ya ɓoye abin da ke ƙarƙashi. Marar nauyi ba shi da siffar kansa, ta jikin mai shi yake ara, yana motsi idan an motsa. Ɗinkin Turai na ƙarni biyun da suka wuce ya raba su: masu tsayawa da marasa sheƙi ya ba maza, masu zuba da sheƙi da shara-shara ya ba mata. Rabon al'ada ne ba na halitta ba, domin kafin ƙarshen ƙarni na 18 manyan mazan Turai suna sa siliki da leshi da karan-miski ba wanda ya ɗaga gira. Amma da wannan rabon idon mai kallo ya saba, kuma da shi mai zane ke wasa.

Wasan kuwa sau da yawa musanye ne: yankan wannan ɓangare, yadin wancan. Shat mai cikakken yankan maza, da kwala mai ƙafa da kafaɗar baya mai ninki biyu, amma a yi shi da siliki mai santsi. Kwalar da a auduga za ta tsaya cak sai ta kwanta, gaban ya riƙa bin numfashi. Ko kuma siket, wanda yankansa na mata ne a idon mai kallo, a yi shi da ulu mai launin toka irin na kwat ɗin ofis, da ninki masu kaifi, kamar yadda Thom Browne ya yi wa maza. Coco Chanel tun wajen 1916 ta ɗauki jesi, yadin saƙa mai talewa da a lokacin aka fi sani a kayan cikin maza, ta yi wa mata kayan fita da shi. Alessandro Michele kuma a nunin kayan maza na Gucci a Janairun 2015 ya fito da saurayi cikin jar rigar siliki mai ɗaurin ƙulli a wuya, irin wanda aka saba gani a bulawus ɗin mata.

Akwai abin da ba a cika lura da shi ba, shi ne ta wace fuska aka yanka yadin. Idan an bi tsayuwar zare, rigar takan sauka a miƙe. Idan an yanka a karkace, a kusurwar digiri 45, yadin yakan ɗan talu ya manne wa jiki, dabarar da Madeleine Vionnet ta yi suna da ita a shekarun 1920. Yankan karkace na daga cikin alamun mata mafiya ƙarfi, don haka idan kin gan shi a kayan da namiji ya sa, ki ambace shi. Za ki gane shi idan yadin mai layi ne ko mai dara-dara, layukan za su tafi a karkace.

Musanyen nan yana da iyaka, kuma ni da kaina na koyi iyakar da hasara. Farkon fara aikina na so in yi kwat mai ginin kafaɗar maza da wani yadi mai laushi wanda nauyinsa bai wuce na shat ba. A jikin mutum-mutumin gwaji ya yi kyau. Da aka sa shi aka yi tafiya, sai bakin soson kafaɗa ya fito ƙarara ta cikin yadin kamar an ɓoye faranti, ƙasan kafaɗar ya lotsa, bakin aljihu ya saki saboda yadin ya kasa ɗaukar nauyin ɗinkin. Ƙa'idar da na riƙe tun daga ranar ita ce, gini mai nauyi yana son yadi mai jiki. Idan yadi mai zuba kike so, ki cire ginin ki bar faɗin yanka ya yi aikin. Wannan ma abin bayani ne: idan kin ga ɗan lotsawa a ƙasan kan hannun riga, inda hannu ya haɗu da kafaɗa, kuskure ne. Idan kuwa ɗinkin kafaɗar ya sauko kan dantse sumul ba soso, da gangan aka sauke shi.

Yanzu ƙananan abubuwa, waɗanda su ne suka fi daɗin nema domin kamar sawun ɓarawo suke. Na farko maɓalli. A kayan maza ɓangaren hagu ne ke hawa kan dama, maɓallan suna ɗinke a hannun daman mai sawa. A kayan mata akasin haka ne, dama ke hawa kan hagu. Ba abin da ya haɗa wannan da ƙirar jiki, amma ya zauna a sana'ar har mai gyaran kaya yakan gane na wane ne da hannu ko a duhu. Haka marfin zif ɗin wando, sai dai jins ɗin mata da yawa sun daɗe da bin na maza. Mai zanen da ke son ya rufe bakin wannan alamar yana da hanyoyi: ya ɓoye maɓallan a ƙarƙashin marfi, ya sa zif a tsakiya inda ba hagu ba dama, ya yi ɗauri da igiya, ko ya yi kwat mai jeri biyu na maɓalli da ramuka a ɓangarorin biyu don a rufe ta inda aka ga dama. Idan kina kallon hoto ki tuna hagun mai sawa shi ne damanki, kuma hoton madubi yana juya komai. Na sha ganin bayanin da ya rushe a kan wannan kaɗai.

Na biyu aljihu. Kwat ɗin maza yana da aljihun ƙirji a hagu, da aljihu biyu ko fiye a cikin shafi, kuma duk na gaske ne. Kayan mata sun daɗe da ƙananan aljihu ko na ƙarya, marfi kawai ba rami, don kada kaya a ciki ya ɓata layin kwankwaso. Aljihu mai zurfi da hannu ke shigewa har wuyan hannu alama ce da ta fito daga ɓangaren maza, kuma tana canza tsayuwar mutum, domin mai aljihu hannu a ciki yake tsayawa. Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai tattara a kan hannun riga, ƙulli a wuya, leshi a baki, maɓallan lu'ulu'u ko waɗanda aka lulluɓe da yadi, zif a baya ko a gefe. Zif ɗin baya musamman, da wuya ki same shi a kayan maza na gargajiyar ɗinkin kwat.

Bari mu haɗa duka a kan tufa guda da kowa a sana'ar ya sani, kwat da wandon da Yves Saint Laurent ya fitar a 1966 da sunan Le Smoking. Asalinsa kayan liyafar dare ne na maza: baƙin ulu marar sheƙi, lafel na satin mai sheƙi, da layin satin a gefen ƙafar wando. Duk waɗannan ya bar su yadda suke, don haka daga nesa namiji ake gani. Amma bai ɗauko kwat ɗin namiji ya rataya wa mace ba. Ya sake yanka shi a kan jikinta, ya sirinta kwala, ya ɗan shigar da ƙugu. A ciki kuma ya sa farar riga mai tattara a gaba da baƙin ƙulli a wuya. Ga lissafin ke nan: yadi da abubuwan gamawa na waje suna cewa namiji, ƙugu da rigar ciki suna cewa mace, ba wanda ya ci wani. Shi ya sa ya ci gaba da sake fito da shi ta siffofi daban-daban har zuwa 2002. Kuma don ki san nauyin abin a lokacin, a Paris akwai wata doka ta 1800 da ta hana mata sa wando sai da izinin 'yan sanda, wadda duk da an daɗe ba a aiki da ita, sai a 2013 gwamnatin Faransa ta bayyana a hukumance cewa ba ta da sauran ƙarfi.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da zai cece ki daga kuskure a rubutu. Alamar ba ta zama daram, tana tsufa. Wando a jikin mace ya taɓa zama abin tsayawa kallo, yau ba wanda zai kira mace mai jins da suna androjini. Siket a jikin namiji kuwa, wanda Jean Paul Gaultier ya nuna tun tsakiyar shekarun 1980, har yanzu yana ɗaukar ido a ɗinkin Turai. Hanyar ba daidai take ba ta ɓangarorin biyu: abin maza idan ya shiga kayan mata da sauri yake zama na kowa, abin mata kuwa a kayan maza yakan daɗe yana ƙara. Don haka ƙulli ɗaya a wuyan namiji yana iya yin nauyin da sai an tara kafaɗa da aljihu da maɓalli a jikin mace kafin a kai shi. Idan kina auna ko tufa ta tsaya a tsakiya, ki duba wa ya sa ta, a wace shekara, a kuma wace ƙasa, domin rabon da nake ta magana a kai na ɗinkin kwat ne na Turai, ba kowace al'umma ta raba tufafinta haka ba.

Game da kalmomi, ki guji "kamar na maza" da "kamar na mata" a matsayin hukunci a kan tufa gaba ɗaya. Ki ajiye su don abu guda guda, ki faɗi asalinsa: maɓalli a ɓangaren maza, dat irin na kayan mata. Ki kuma guji bayyana mutumin da ke ciki, aikinki tufa ne, ba halinsa ko jinsinsa ba. Kalmomin da za su yi miki aiki su ne masu nuna abin da yadi ke yi: ya tsaya, ya zuba, ya kwanta, ya manne, ya rataya, ya zarce, ya sake. Ki bi tsari daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ido ke bi, ki fara da siffar da ake gani daga nesa, sannan ki matso. Da a ce kwat ɗin da muka lissafa ɗazu aka ba ni, da shat ɗin siliki a ciki, ga yadda zan rubuta:

"Kwat ne mai jeri ɗaya, na ulu mai launin toka marar sheƙi, wanda ke sauka a miƙe daga kafaɗa zuwa ƙasan kwankwaso. Kafaɗar an gina ta da siririn soso, ta zarce ta jiki da kimanin santimita 3 da rabi kowane gefe. Ba dat a fili, ƙugu a sake yake, maɓalli ɗaya ne kuma an sauke shi ƙasa da ƙugu, abin da ya ba lafel tsawo. Yana rufewa hagu kan dama irin na kayan maza, da aljihun ƙirji da aljihu biyu a cikin shafi. A ciki akwai shat mai yankan maza, amma na siliki ruwan madara, kwalarsa a kwance, maɓallansa a ɓoye, da tattara kaɗan a wuyan hannu da ke leƙowa daga hannun kwat."

Kafin ki miƙa aikin, idan kayan suna gabanki ba a hoto ba, ki sa wani ya sa su ya yi taku goma ya juyo, ya ɗaga hannu, ya zauna. Ulu zai koma inda yake, siliki zai makara kaɗan yana bin sa a baya, kuma wannan makarar ki ba ta jimla guda a cikin bayaninki.